Huhu a Cikin Gora

Yara, kowa ya ɗora tafin hannunsa a kan cikinsa, daidai ƙasan haƙarƙari, ya yi shiru. To, ku ja numfashi a hankali ta hanci. Kun ji cikinku ya turo hannun waje? Yanzu ku saki numfashin. Kun ji cikin ya koma, hannun ya bi shi?

Tun ranar da aka haife ku kuke wannan aiki, dare da rana, kuna barci kuna farke, ba wanda ya koya muku. Amma da za a tambaye ku abin da yake jawo iska cikin ƙirji, da yawancinku sun ce hanci ne, waɗansu kuma su ce huhu ne. Duka amsoshin nan biyu ba daidai suke ba. Hanci hanya ce kawai da iska take bi. Huhu kuwa ba shi da ƙarfin da zai buɗe kansa ya jawo iska. Akwai wani ma'aikaci dabam da yake ɓoye ƙarƙashin huhu, shi ne mai yawancin aikin, ga shi kuwa mutane kaɗan ne suka san da shi.

Ba dama mu buɗe ƙirjin mutum mu leƙa. Saboda haka za mu ƙera ƙirji na kanmu da gorar roba da balan-balan biyu, wanda za mu iya hangen cikinsa daga waje. Aikin zai ɗauke mu kwana uku. Ran farko mu san abin da muke so mu kwaikwaya, rana ta biyu mu ƙera, rana ta uku mu gwada abin da muka ƙera, mu kuma bincika inda ya yi kama da jikinmu da inda ya saɓa.

Rana ta farko

Wanda ya taɓa tsayawa kusa sa'ad da ake feɗe rago ya riga ya ga rabin darasin nan. In mahauci ya tsaga cikin rago, tumbi da hanji da hanta ne suke fara bayyana. Ba ya ganin huhu da zuciya tukuna, sai ya yanka wani faffaɗan tantani mai jan nama a gefe, fari a tsakiya, wanda ya raba cikin dabbar gida biyu. Bayan wannan tantani huhu da zuciya suke, a cikin ɗakinsu na haƙarƙari. Mu ma haka jikinmu yake. Wannan tantani tsoka ce, watau nama mai ƙarfi wanda yake iya tsukewa ya kuma saki, kamar na damtse. A cikin darasin nan za mu riƙa kiransa tantanin numfashi.

Ku ɗauki ƙirji kamar ɗaki. Haƙarƙari su ne bangonsa, goma sha biyu a dama, goma sha biyu a hagu. Tantanin numfashi shi ne daɓen ɗakin. Huhu biyu suna ciki, na dama da na hagu. Ɗakin nan a toshe yake ta ko'ina, ba taga, ba tsaga. Ƙofa ɗaya ce tak, ita ce maƙogwaro, ita ma ba cikin ɗakin take buɗewa ba, cikin huhu take zarcewa. Ku riƙe wannan magana da kyau, gama a kanta dukan aikinmu ya tsaya.

Daɓen ɗakin nan ba shimfiɗaɗɗe ba ne. In yana hutawa, a tashe yake sama kamar ƙwaryar da aka kife. In ya tsuke sai ya sauko ƙasa ya baje, ɗakin ya ƙara girma. Sa'ad da ya sauko yakan danna hanta da tumbi da hanji, shi ya sa kuka ji cikinku ya turo hannu ɗazu. Ba iska ce ta shiga tumbi ba, kayan ciki ne aka ture.

To, don me iska take shiga in ɗakin ya ƙara girma? Ku je maƙera ku dubi zugazugi. Mai zuga ba ya kamo iska da hannu ya cusa a cikin fata. Ɗaga fatar kawai yake yi, wuri ya buɗe a ciki, iska ta ruga ta cika shi da kanta. Dalili kuwa shi ne, iskar da take kewaye da mu tana da nauyi, kullum tana danna kowane abu ta kowane gefe, ko da yake ba mu jin dannawar domin mun saba. Duk inda wuri ya buɗe, iskar da take cikinsa ta baje ta rage ƙarfi, sai ta waje ta fi ta ƙarfi, ta kutsa ciki har su daidaita. In an matse wurin kuma, ta ciki ta fi ƙarfi, sai ta fita.

Kafin a tashi yau, malam zai raba ku rukuni rukuni, mutum biyar biyar. In ku arba'in ne a aji, rukuni takwas ke nan, ana bukatar gora takwas da balan-balan goma sha shida. Amma a nemi balan-balan ashirin da huɗu, domin ba a taɓa yin wannan aiki ba tare da waɗansu sun yage ba. Kowane rukuni kuma ya zo da salatif, da almakashi, da 'yar robar nan da ake ɗaure kuɗi da ita guda biyu, da gashin kaza ɗaya mai laushi.

Zaɓen gora shi ne wurin da ake yawan kuskure. Ku nemi gorar lemo mai gas, ta rabin lita ko kusa da haka, wadda jikinta yake da tauri, ana kuma ganin cikinta sarai. Kada ku kawo gorar ruwa mai laushi wadda take ƙara in an matsa ta. Gobe za ku ga dalili. A wanke gorar, a ɓare takardar jikinta, a kife ta ta bushe.

Rana ta biyu

Aikin farko na malam ne shi kaɗai. Zai auna kamar faɗin yatsu uku daga gindin gora, ya zana layi kewaye da ita, ya huda da wuƙa, sa'an nan ya bi layin da almakashi har gindin ya fita. Kada yaro ya ce zai yi wannan da kansa. Robar gora tana da santsi, wuƙa takan zame, kuma hannun da yake riƙe da gorar shi take samu.

Da malam ya miƙo muku gorarku, ku shafa bakin yankan da yatsa a hankali. Za ku ji kaifi, wani wuri ma da 'yan haƙora. Ku daidaita haƙoran da almakashi, ku bi bakin duka da salatif, rabi a waje, rabi a lanƙwasa ciki. In kuka ƙyale kaifin nan, shi zai yaga muku balan-balan tun ba ku fara ba. Yanzu kuna da ƙirji, amma ba huhu, ba daɓe.

Ku ɗauki balan-balan ta farko, wadda za ta zama huhu. Mutum ɗaya ya hura ta ta kumbura, ya saki iskar, ya sake, har sau uku ko huɗu. Sabuwar balan-balan tana da taurin kai, jikinta a manne yake da juna, sai an hura ta take laushi. Mutum ɗaya kaɗai zai sa mata baki, kada a yi ta yawo da ita daga baki zuwa baki, domin haka mura da tari suke yaɗuwa. Sa'an nan ku zura jikinta ta bakin gora, ya yi reto a ciki, ku riƙe wuyanta a waje. Ku buɗe bakin balan-balan ɗin, ku juya shi ya rufe bakin gora kamar yadda ake naɗe bakin buhu, ku ɗaure da roba. Ba a bukatar murfin gora. In kun leƙa ta sama yanzu, cikin balan-balan za ku gani. Wuyan gora ya zama maƙogwaro.

Balan-balan ta biyu ita ce tantanin numfashi, ita ce kuma mai wuyar sawa. Kada ku hura ta. Ku ƙulle wuyanta ƙulli ɗaya mai ƙarfi. Ku shimfiɗa ta, ku yanke kanta, watau ɗaya gefen mai faɗi, kamar santimita biyu daga ƙarshe. Yanka ɗaya za ku yi, a miƙe, gama in bakin ya yi tsaga komai ƙanƙantarta, daga nan za ta kece in an ja. Abin da ya rage a hannunku kamar 'yar hula yake, da ƙulli a tsakiya.

Nan sai mutum biyu. Ɗaya ya riƙe gora da hannu biyu, gindinta yana sama. Ɗaya ya sa yatsunsa cikin 'yar hular, ya buɗe ta sosai, ya sanya wa gindin gora, ya jawo gefenta har ya hau jikin gorar kamar faɗin yatsu biyu. Ku duba ƙullin ya zauna a tsakiya, fatar kuma ta miƙe kamar fatar kalangu, amma ba ta yi tsauri har ta lanƙwasa gorar ba. Ku ɗaure da roba ta biyu, ku bi gefen da salatif sau biyu, kuna dannawa da babban yatsa don kada a bar ko 'yar kafa.

To, an gama. Mutum ɗaya ya riƙe gorar a tsaye, bakinta sama, ya kama ƙullin ya ja ƙasa a hankali. Ku dubi balan-balan ta ciki. Ga ta tana buɗewa! Ya saki ƙullin, ya tura shi ciki kaɗan da yatsa. Ga ta ta yamutse. Ja, ta buɗe, tura, ta yamutse. Ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya hura mata iska. Ku sa gashin kazar nan a bakin gora ku gani, in an ja ƙulli gashin yakan sunkuya ciki, in an tura yakan tashi. Gorarku tana numfashi. Kowa a rukunin ya karɓa ya yi da hannunsa, yana jan nasa numfashin sa'ad da yake jan ƙullin, yana saki sa'ad da yake sakinsa.

Sau da yawa yara sukan ɓata rai a nan, su ce ai ba ta kumbura sosai ba, su a zatonsu za ta cika gorar. Ba za ta cika ba, kuma ba laifinku ne ba. Huhun gora ba ya samun iska fiye da girman wurin da kuka buɗe masa. Faɗin gorar rabin lita bai wuce santimita shida ko bakwai ba. In kun ja ƙulli ƙasa santimita uku, wurin da ya ƙaru bai fi cikin babban cokali biyu ko uku ba, iyakar iskar da za ta shiga ke nan. Ku ja kaɗan, ta buɗe kaɗan. Ku ja da yawa, ta ƙara. Haka numfashinku yake, wani gajere, wani dogo.

Yanzu a ce wani rukuni sun ja ƙulli, balan-balan ta ciki ko motsi ba ta yi ba. Kada su warware komai tukuna, kada kuma su fara zargin juna. A bi abin daki daki, kamar yadda likita yake bincika marar lafiya. Da farko a dubi jikin gora sa'ad da ake ja. In bangonta yana lotsawa ciki, gorar ce ta yi laushi. Wurin da aka buɗe ta ƙasa, bango ya cinye shi ta gefe, ɗakin bai ƙara girma ba. Maganin wannan sai sauya gora, shi ya sa muka ce a kawo mai tauri. Ashe ba banza aka yi haƙarƙari da ƙashi ba.

In gorar ba ta lotsa ba, sai a nemi kafa. Wani ya jiƙa bayan hannunsa da ruwa, ya kai shi kusa da gefen salatif, wani kuma ya tura ƙullin ciki da sauri. Inda aka ji sanyin iska a fata, nan kafar take. A ƙara salatif a wurin. In ƙasa lafiya, a duba sama, ko bakin balan-balan ya zame daga bakin gora ta gefe ɗaya. In nan ma lafiya, a sa baki a hura balan-balan ta ciki kaɗan, a toshe da yatsa. In ta saki nan da nan, ita ce ta huje, watakila farce ya kama ta wajen zurawa. Cikin gora goma da suka ƙi aiki, yawancinsu kafa ce a gefen tantani.

Kafin ku fita, ku tsince guntayen balan-balan duka ku ba malam. Kada kowa ya sa guntu a baki yana tsotsa don ya yi 'yar ƙwallo, kada kuma a kai wa ƙanne gida. Guntun balan-balan in ya faɗa maƙogwaro yakan manne ya toshe shi, fitar da shi kuwa da wuya ƙwarai. Gobe za ku ga abin da toshewar maƙogwaro take yi.

Rana ta uku

Gwaji na farko mai sauƙi ne. Wani ya tura ƙulli ciki har huhun gora ya yamutse, wani ya toshe bakin gora da tafin hannu sosai, sa'an nan a ja ƙullin. Za ku ji ƙullin yana gardama, huhun kuma ya kasa buɗewa. Tantani yana aikinsa, ɗaki a toshe yake yadda ya kamata, amma ƙofa a rufe. Wannan shi ne halin wanda loma ko ƙwallon goruba ya sarƙe masa a maƙogwaro, ƙirjinsa yana ja da ƙarfi, iska ba ta samun hanya. In kuka ga yaro ya kama wuyansa, ya kasa magana, ya kasa tari, ku yi kururuwa ku kira babba nan take.

Gwaji na biyu shi ne babban gwajin darasin nan, gora ɗaya kuma za a sadaukar dominsa. Malam zai riƙe ƙusa da filaya, ya gasa ta a wuta, ya huda gefen gorar, rami kamar girman ƙwayar wake, nesa da balan-balan. Kafin a ja ƙulli, kowa ya rubuta a littafinsa abin da yake zato zai faru. Waɗansu za su ce huhun zai ƙara kumbura, tun da an ƙara wa iska ƙofa. To, a ja a gani.

Huhun ya kwanta, ba ya motsi. Wani ya toshe ramin da yatsa, a sake ja. Ga shi ya farfaɗo. A ɗage yatsa, ya sake kwantawa. Me ya faru? Dā iskar waje ba ta da hanyar cika wurin da ya buɗe sai ta cikin balan-balan, dole ta buɗe ta. Yanzu ta sami hanya mai sauƙi ta gefe, sai ta shiga ta nan ta cika ɗakin, ta bar huhu a yamutse. Da huhu ne yake jan iska da ƙarfin kansa, da ramin nan bai dame shi ba, gama ba abin da ya taɓa balan-balan ɗin.

Wannan abu yana faruwa ga mutane. In wuƙa ko ƙahon sa ya huda ƙirjin mutum, ko karyayyen haƙarƙari ya soki huhu, iska takan shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji, huhun wannan gefen ya yamutse, numfashi ya yi wuya. Irin wannan rauni ba na jinya a gida ba ne, asibiti ake kai mutum da gaggawa. A can likita yakan sa bututu ya fitar da iskar da ta shiga, huhun ya sake buɗewa. Abin da yakan taimaki mai raunin kafin a kai shi shi ne, kowane huhu da nasa ɗaki dabam, in ɗaya ya kwanta, ɗayan yana ci gaba da aiki.

Dabarar nan ta sa huhu cikin abin da ake hangen cikinsa ba sabuwa ba ce. Wani likita Baturen Ingila, sunansa John Mayow, ya bayyana irinta cikin littafinsa da aka buga a shekarar 1674. Shi zugazugi ya ɗauka, ya sa mafitsarar dabba a ciki, bakinta yana haɗe da bakin zugazugin, ya yi taga ta gilashi a gefe. In an buɗe zugazugi sai a ga mafitsarar ta kumbura, in an rufe ta kwanta. Abin da kuka yi jiya ke nan, sai dai a zamaninsa babu gorar roba.

Amma fa gora gora ce, ba ƙirji ba. Wanda ya ɗauka komai na jikinsa haka yake zai yi kuskure, saboda haka sai mu duba inda ta saɓa.

Ku sa hannu biyu a gefen ƙirjinku, ku ja dogon numfashi. Kun ji haƙarƙari sun ɗaga sun buɗe? Bangon gora ba ya motsi, amma bangon ƙirji yana yi. Tsakanin kowane haƙarƙari da ɗan'uwansa akwai tsoka, irin naman da kuke gani jikin haƙarƙarin rago, ita take ɗaga su. Watau ɗakinmu yana ƙara girma ta ƙasa da ta gefe gaba ɗaya. Tantanin gora kuma a shimfiɗe yake, mu muke jawo shi ƙasa ya yi tsini. Namu a tashe yake kamar kifaffiyar ƙwarya, saukowa yake yi ya baje, ba kuwa mai jansa daga ƙasa, shi yake tsukewa da kansa bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Wani lokaci yakan zabura ba shiri, iska ta faɗa da sauri, maƙogwaro ya rufe farat ɗaya. Wannan ita ce shaƙuwa. Ku fizgi ƙullin gorarku sau ɗaya, kun sa ta shaƙuwa.

A cikin gora akwai fili mai yawa tsakanin balan-balan da bango. A ƙirji babu wannan fili. Huhu ya cika ɗakinsa, yana manne da bango, ɗan ruwa kaɗan ne tsakaninsu mai sa su zame wa juna ba tare da sun rabu ba. Ku jiƙa gilashi biyu ku haɗa, za ku iya murza su, amma raba su da wuya. Haka huhu yake bin bangon ƙirji duk inda ya tafi.

Babban bambanci kuwa yana cikin huhun kansa. Balan-balan jaka ce, ba komai a cikinta. Huhu ba haka yake ba, kamar soso yake. Ku roƙi mahauci ya yanka muku ɗan guntun huhun rago, ku jefa cikin ruwa, za ku ga yana yawo a sama, alhali guntun hanta nutsewa yake yi. Maƙogwaro in ya sauka ƙirji yakan rabu biyu, reshe ɗaya dama, ɗaya hagu. Kowane reshe ya yi ta rabuwa kamar rassan itace, har su zama sirara kamar gashi. A ƙarshensu akwai 'yan jakunkuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani, sun fi miliyan 300 a ƙirjin babban mutum. Kowace jaka jijiyoyin jini sun kewaye ta. A nan jini yake karɓar wani sashi na iska da ake kira oksijin, wanda jiki ba ya rayuwa sai da shi, ya zubar da wani da ake kira kabon dayoksaid. In an kasa iskar da muke shaƙa kashi 100, wajen kashi 21 oksijin ne. A cikin wadda muke fitarwa ya ragu zuwa wajen kashi 16. Gorarku ba ta yin wannan ko kaɗan, yadda iska ta shiga haka take fita. Ta nuna mana yadda iska take shiga, ba ta nuna abin da ake yi da ita ba.

Rukunin da suka gama da wuri suna iya yi wa gorarsu huhu biyu. Malam ya huda murfin gora, a zura bututun shan lemo biyu masu lanƙwasa, a ɗaura wa kowanne 'yar balan-balan a ƙasa, a toshe gefen ramin da cingam ko kakin zuma. Ya fi kyaun gani, amma wuraren yoyo sun ƙaru, kuma huhun biyu ɗaki ɗaya suke, ba kamar namu ba.

Saura aikin lissafi. Ku zauna biyu biyu. Malam zai duba agogo ya ce a fara, ɗaya ya ƙirga sau nawa ƙirjin abokinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya. Shiga da fita ɗaya ake ƙirgawa, ba biyu ba. Wanda ake ƙirga wa ya kau da kai ya yi tunanin wani abu, gama wanda ya sa ido kan numfashinsa yakan sauya shi bai sani ba. Yaro kamarku in yana zaune yakan yi wajen 18 zuwa 25. Babban mutum yakan yi 12 zuwa 20, kowane numfashi kuma yana jan iska kamar rabin lita, watau cikin gora ɗaya irin wadda kuka yanka. A ce abokinka ya yi 20 a minti. A awa ɗaya 20 sau 60 ke nan, watau 1,200. Da zai ci gaba haka awa 24, da ya yi 28,800, ko da yake in yana barci yakan ɗan rage. Ku rubuta abin da kuka samu. Sa'an nan ku fita ku kewaye filin makaranta da gudu sau ɗaya, ku komo ku sake ƙirgawa nan da nan, ku rubuta lamba ta biyu kusa da ta farko. Ku ɗauki gorarku, ku gwada jan ƙullin daidai da saurin lamba ta biyu har minti ɗaya, ku ji yadda hannu zai gaji.

Tambayoyi

1. A cikin gorarku, mene ne ya tsaya a matsayin maƙogwaro, da haƙarƙari, da huhu, da tantanin numfashi?
2. Don me cikin mutum yake turowa waje sa'ad da ya ja numfashi?
3. Wani rukuni sun ja ƙulli, huhun gora bai motsa ba, jikin gorar kuma bai lotsa ba. Ina za su fara dubawa, ta yaya kuma?
4. Sa'ad da malam ya huda gefen gora, ba abin da ya taɓa balan-balan ta ciki. To, don me ta daina buɗewa?
5. Faɗi abu biyu da ƙirjinka yake yi waɗanda gora ba ta iya yi.